Shawarar da aka bai wa 'yar'uwarmu ta Ingila

Abin da aka fi nanata mata game da bayanin da za ta rubuta na neman miji shi ne ta rubuta gaskiyar zamanta, garin da take, aikin jinya take yi, kuma hutunta na shekara kwana 28 ne don haka sau ɗaya take zuwa Kano, galibi lokacin babbar sallah, sati uku. Wata ta ce kar ta rubuta "ina zuwa gida akai-akai", ta faɗi watan kawai, don mai niyya ya shirya zuwa gaida iyaye.

Maganar biza ce ta ja dogon zance, wallahi nan ake yawan samun matsala, dole ta fayyace tun farko ko ita za ta dawo ko shi zai biyo ta, kuma takardun miji suna ɗaukan watanni ga kuɗi. Lambar waya kuwa ta yayanta za ta bayar.