Wa zai fara ɗaukar asara? Abin da aka tattauna a Sakkwato kan sayar da basussuka

Ma'aikatan banki da 'yan kasuwa sun yi zama a Sakkwato kan yadda banki ke tattara basussukan da ya bayar, ya sayar wa wani kamfani na musamman, shi kuma ya yanka su kashi-kashi ya sayar wa masu zuba jari.

Wani tsohon akanta ya kawo misali da bashin naira miliyan 100. Kashin sama miliyan 80, na tsakiya 15, na ƙasa 5. Kuɗi in sun shigo, na sama ake fara biya. Asara kuwa daga ƙasa take hawa: idan miliyan 12 suka maƙale, na ƙasa ya ƙare ƙurmus, na tsakiya ya rasa 7, na sama bai ji komai ba. Shi ya sa ribarsa ta fi ƙanƙanta.

Shawarar da aka fi nanatawa, kuma a ganina ita ce magana, ita ce a binciki su waye masu bashin. Idan duk manoman albasa ne na fadama ɗaya, ambaliya guda za ta kayar da su tare, asarar ta wuce miliyan 20 ta taɓa na sama. Irin haka ta faru da basussukan gidaje a Amurka a 2008.

Wata hajiya ta tambayi hukuncinsa. Aka ce mata galibin malamai ba su yarda da sayar da bashi mai ruwa ba, don haka ta duba sukuk na ijara, wato takardun zuba jari na Musulunci da ke tsaye kan kadarar da aka bayar haya.