Rubutun ƙasan hotona na marinar Ƙofar Mata, a taimaka a duba min Turancin

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki hoton wani dattijo a marinar Ƙofar Mata yana ɗago zane daga cikin rami, zan ɗora a Instagram. Yawancin masu bibiyata 'yan ƙasar waje ne. Ga abin da na rubuta: "Snapped this our hardworking baba at Kofar Mata tie and dye pit, doing his work since. More grease to your elbow sir." Wani abokina ya ce Bature ba zai gane ba. Ina matsalar take?

Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Matsalarka ɗaya ce, ta ƙarshen nan. Turawan Ingila "more power to your elbow" suke cewa, mu ne nan muka mayar da shi man shafawa. Canza kalmar kawai ka ɗora abinka.

Malama Rabi: Ɗanjuma ya faɗi gaskiya a kan asalin maganar, amma ko an gyara ta ba za ta yi aiki a nan ba. Tsohuwar magana ce ko a Ingila, Ba'amurke kuwa da wuya ya taɓa jin ta. Sannan ƙanena, wa kake yi wa magana a wannan layin? Dattijon. Shi kuma ba ya Instagram. Abin da ke ranka "sannu da aiki" ne, ka rasa yadda za ka faɗe shi da Turanci, kuma ba laifinka ba ne, don Turanci ba shi da wannan gaisuwar. Shi ya sa muke cewa "well done" ga mai tsakiyar aiki, Bature kuma ya ji kamar yabo ne na wanda ya gama. Gaisuwar ka riga ka yi ta a bakin rami. Cire ta gaba ɗaya daga rubutun.

Sai "since" da ka bari a rataye. Mu idan muka ce "tuntuni yake wannan aiki" magana ta cika. Su a wajensu kalmar nan tana jiran lokaci, mai karatu zai tsaya yana tambaya, tun yaushe? In shekara ce ka sani, "since 1985". In adadin shekaru ne, "for 40 years". Kar ka haɗa su ka ce "since 40 years", wannan ma kuskure ne da ake yawan yi. Haka "this our", daga "wannan baban namu" ya fito, a Turancinsu kalmomin biyu ba sa zama wuri ɗaya a jere.

Amma wanda ya fi damuna shi ne "tie and dye". Bature na jin haka zai hango rigunan nan masu launi bakwai da matasan Amurka suka yi yayi a shekarun 1960, rinin kwalba da ake yi a bokiti. Kai kuma abin da ka ɗauko rinin baba ne na gargajiya, da toka da katsi, a rami. Kalmar da za ta tsayar da su ita ce "indigo". Masu sha'awar tufafi a can sun san ta, suna nemanta ma.

Hajiya Binta: Allah sarki Ƙofar Mata, rabona da wajen tun ina amarya. Ɗana, nawa suke rina shadda yadi biyar yanzu? Kuma har da bugu ake biya ko mabuga daban suke karɓa?

Auwalu: Ran Hajiya ya daɗe, ban tambayi farashi ba wallahi, hoto kawai na je ɗauka. Malama na gode. To amma in na cire duk waɗannan, me ya rage? Sai sunan wajen kawai.

Malama Rabi: Ka faɗa min me ka gani da idonka lokacin da ya ɗago zanen.

Auwalu: Abin mamaki, kore-kore ya fito, ba shuɗi ba. Yana riƙe da shi a iska sai ya fara rikiɗa a gabana. A hoton ma rabinsa bai gama komawa shuɗi ba.

Malama Rabi: To ai ga rubutunka nan ka ajiye shi a gefe kana neman man gwiwar hannu. Haka baba yake, a cikin ruwan rami launinsa kore ne mai ɗan rawaya, sai iska ta taɓa shi yake zama shuɗi. Shi ya sa marina suke tsomawa su ɗago, su sake tsomawa, kowane zagaye launin na ƙara duhu. Mai kallon hotonka zai ga zane mai launi biyu bai san dalili ba, kai ne za ka faɗa masa. Gwada wannan:

"Fresh out of the pit, indigo is green. Give it a minute in the air and it turns blue. Kofar Mata dye pits, Kano."

Duba yadda aka jera. Abin mamakin ya zo farko, saboda Instagram yana yanke rubutu bayan layi ɗaya ko biyu, sai wanda ya danna "more" zai ga saura. Sunan wuri ya koma ƙarshe. Ba ka ce kai ka ɗauka ba, shafinka ne, an sani. Ba ka ce dattijon mai ƙwazo ne ba, hannayensa da suka rine sun faɗa. In kuma shi kake so ya zama kan magana, ka koma ka tambaye shi shekarunsa a wajen. Ya ce arba'in, sai ka rubuta: "Forty years at the same dye pit. Kofar Mata, Kano." Amma kar ka ƙirƙiri adadin don ya yi daɗi.

Ɗanjuma: Ya kamata a sa "since 1498". Ai shekarar da ake cewa an kafa marinar ke nan, Turawa na son tsohon tarihi.

Malama Rabi: A sa, amma da lura. In ka liƙa shi bayan maganar dattijon, ka ba shi shekara sama da 500 ke nan, kuma za ka sha barkwanci. Ka jingina shi ga ramukan: "The pits are said to date from 1498." Wannan "said to" ɗin shi ne "an ce" namu.

Nasiru Zinder: Ni dai ban yarda a cire "baba" ba. Ina sayar da kayan fata, mabiyana rabi Faransawa ne, kuma na lura duk ranar da na bar kalmar Hausa ɗaya a rubutu, ranar ake yi min tambaya. In an goge komai har ya zama kamar Bature ne ya rubuta, me ya bambanta Auwalu da ɗan yawon buɗe ido da ya zo ya yi kwana biyu? Ballantana ma a nan kalmar ta faɗo daidai, dattijon baba, abin rinin ma baba.

Malama Rabi: Wallahi ban lura da wannan ba, Malam Nasiru, ka yi ido. Ban ƙi kalmar Hausa ba, abin da na ƙi shi ne a jefa ta ba bayani, wasu ma za su ɗauka mahaifinsa ne. In za a bar ta, a yi mata layinta a ƙasa: "In Hausa, indigo is called baba." Wasan kalmar kuwa ina shakkar zai tsallaka, sai an yi dogon bayani, barkwancin da aka yi wa bayani kuma ya mutu.

Nasiru Zinder: Zai tsallaka mana. "Baba means indigo. It's also what we call an elder." Layi ɗaya ne fa.

Auwalu: Zan ɗora na koren nan a sama, in sa na Malam Nasiru a ƙasa mu ga abin da za su ce. Gobe zan leƙa marinar in nuna wa dattijon hoton kafin in saka, sai in tambayo wa Hajiya kuɗin shaddarta.