Naman da ya narke, a mayar da shi firiza ko a'a?

Maman Sadik: Salam, don Allah a raba mu. Taransifomarmu ta Ƙofar Marusa ta lalace tun daren Talata sai yau Alhamis da safe aka kawo wuta, wajen awa 36. Firiza ce ta kwance cike da naman Sallah, a sama akwai kaji biyu da kifi titus da robar miya. Surukata ta ce duk abin da ya narke aka mayar ya zama guba. Gaskiya ne?

Hajiya Turai: Wa ya ce guba? Mu tun da can in nama ya saki tafasa shi muke da gishiri a soye, wuta ba ta bar komi ba. Ki tafasa duka ki huta ɗiyata.

Anti Rabi: Maman Sadik kar ki bari ta sake ƙanƙara ba ki duba ba, don in ya sake daskarewa ba za ki gane wanda ya ɗumama ba. Mayarwar ba ita ce ke kawo guba ba, ɗumin da abincin ya sha kafin a mayar shi ne matsalar. Sanyin firiza ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake, da nama ya wuce digiri 4 sai su ci gaba da hayayyafa. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kamar awa 48, in rabi ce awa 24, to ke kina da dama. Ki wanke hannu ki latsa leda ɗaya bayan ɗaya, wanda kika ji ƙanƙara a cikinsa ko tsakiyarsa da tauri ki mayar, babu komai, sai dai zai zubar da ruwa ya rage daɗi in an zo dafawa.

Maman Sadik: Anti na duba yanzu, na ƙasa da ƙarfinsu kamar dutse. Kajin sun yi laushi amma da sanyi sosai har da ƙanƙara a cikin cikinsu. Kifin ne ya saki gaba ɗaya ba sanyi, jini ya taru a ledar, miyar ma ta koma ruwa, yara sun yi ta buɗewa suna neman ruwan sanyi.

Anti Rabi: Na ƙasa ki bar su. Kajin ma ana iya mayarwa tunda da ƙanƙara, amma ni da ni ce yau zan dafa su sosai, in sun huce a raba a ƙananan robobi a sa firiza, dafaffe ba laifi a daskarar da shi. Ki duba dai ruwan kifin bai zuba kan wani abu ba. Kifin da miyar kuwa ki zubar. Abin da ya fita daga sanyi ya wuce awa 2 ba a yarda da shi, a zafin Katsina da ke haura digiri 32 ma awa 1 ne, ke kuma ba ki san tun yaushe suka ɗumama ba.

Hajiya Turai: A zubar da kifi da tsadar nan? Rabi wannan almubazzaranci ne. In ba ya wari mi za ya hana a soya shi?

Anti Rabi: Hajiya ki yi haƙuri, kin yi gaskiya wuta tana kashe ƙwayoyin, amma wasu kafin su mutu sun riga sun zuba dafinsu a abincin kuma shi tafasa ba ta lalata shi. Titus na cikin kifayen da in sun ɗumama suke tara wani sinadari da ko an soya yana nan, mutum na ci ba a jima ba fuska ta yi ja, ƙaiƙayi, ciwon kai, wani har amai. Kuma hanci ba ya ganewa kullum, abu zai iya zama ba wari amma ya kwantar da gida.

Ummi: Ni kullum a ruwa nake jiƙa nama ya saki in yanki na miya in mayar da sauran, kenan ba kyau?

Anti Rabi: Ummi wannan daban ne da nata, amma ba kyau. Wanda ya narke cikin firij shi ake mayarwa ɗanye, wanda aka sa a ruwa ko aka bari a kicin bayansa ya ɗumama tun tsakiyar na da ƙanƙara, sai an dafa sannan a mayar, shi ma in bai wuce lokacin da na faɗa ba. Ki riƙa ƙulla shi daidai girki ɗaya tun farko.

Hajiya Turai: Miyar dai ban yarda ba, an soya ta da mai da gishiri, mu da muke ɗumame tun ba firij ba abin da ya same mu.

Anti Rabi: Ɗumame dare da safe ake yi Hajiya, kin san lokacin da ta sauka daga wuta. Wannan ba wanda ya san awa nawa ta yi, kuma akwai yara a gidan.

Maman Sadik: Na zubar da kifin, kaji na kan wuta. Miyar ce surukata yanzu ta ce a bar mata ita za ta ɗumama ta ci, ni dai ba zan ba yara ba.