Ya koma amsa min da "To" kawai: kasuwa ce ko ya fara janyewa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Akwai wanda yake nemana da aure, a gida an san da shi, yana da shago a Kantin Kwari. Da in na tura masa saƙo ba ya jimawa zai amsa, har ya haɗa da saƙon murya. Yanzu kusan wata guda ke nan, in na rubuta da safe sai bayan isha'i zan ga "To" ko "Allah ya kai mu". Alhali ina ganinsa online, yana ta ɗora atamfofi a status. Na yi masa magana ya ce kasuwa ce. Kasuwar ce da gaske ko janyewa ya fara? Me ya kamata in yi?

Ummi Zee:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ni dai ba zan ɓoye miki ba, wanda ya samu lokacin ɗaukar hoton atamfa ya ɗora, ba zai rasa lokacin rubuta miki layi biyu ba. Namiji in yana so, ko a tsakiyar cunkoson Kwarin ne sai ya ciro waya. Ki ja ajinki. Ki ɗauke wuta na kwana uku, kada ki tura komai, kada ki buɗe status ɗinsa. In ya neme ki shi ke nan, in bai nema ba kin samu amsarki.

Abban Sadiq:
Ƙanwata, ni a Kwarin nake, bari in gaya miki yadda wayar ɗan kasuwa take. Status ɗin da kike gani shi ne baje kolinmu, kuma bayan awa 24 yake gogewa, dole kullum a sake ɗorawa. Daga ɗorawa saƙo zai fara shigowa: wannan tana tambayar kuɗin turmi, wancan yana Maraɗi yana son a kai masa kaya tasha kafin mota ta cika, wata ta turo rasit ta ce ta biya alhali alat bai shigo ba. Duk saƙon da ya shigo sabo yana hawa sama ne, na safe yana gangarowa ƙasa. Kafin azahar naki ya nutse, sai mutum ya yi ta jan allo kafin ya iso wurinsa. Balle yanzu da ake tururuwar ɗaura aure kafin azumi, masu haɗa lefe da masu fitar da anko sun cika layi, ga 'yan sari sun fara shirin kayan sallah.

Kalmar online ɗin nan kuma abin da take nufi kawai WhatsApp a buɗe yake a wayar, kuma akwai data. Ba ta nuna da wa ake magana. Da yawanmu ma lambar shagon a haɗe take da wayar yaron shago, shi yake ɗora hotuna yana amsa masu tambayar farashi, maigidan yana can rumbun ajiya yana ƙirga dila. Haka alamar shuɗi: yaron zai iya buɗe saƙonki bisa kuskure ta yi shuɗi, shi kuwa bai ma gani ba, tunda ya daina nuna masa cewa akwai saƙon da ba a karanta ba. Ki fara sanin ko lambar da kike masa magana a kai ita ce ta shagon.

Amma fa da magariba ake tashi daga kasuwa. Uzurin rana na fahimce shi, na dare kuma ba zan tsaya masa a kai ba.

Hajiya Mariya:
Haƙuri za ki yi 'yata, zaman aure sai da kau da kai. Mazan yanzu nauyi ya yi musu yawa. In ya dawo gida ki tarbe shi da ruwa mai sanyi da abinci, kada ki tare shi da ƙorafin waya tun daga bakin ƙofa. Ki dage da addu'a.

Ummi Zee:
Hajiya ai ba a ɗaura ba tukuna, neman auren ake.

Hajiya Mariya:
Au, to Allah ya zaɓa mata abin da ya fi alheri. Addu'ar dai tana nan, ta haɗa da istihara.

Maman Ilham:
Ƙanwata, ki ajiye lissafin awa nawa ya ɗauka da kuma kalma nawa ya rubuta, domin mai aiki da mai janyewa duk suna jinkiri, duk suna gajarta magana. A nan ba za ki taɓa bambance su ba. Inda suke rabuwa shi ne abin da yake biyo bayan jinkirin.

Mai aiki yana dawowa kan maganar. A ce kin rubuta masa da safe cewa Umma ba ta jin daɗi za ku je asibiti. Zai iya yin shiru yini guda, amma in ya samu kansa abin da zai fara cewa shi ne "Ya jikin Umma, me likita ya ce?" Wannan ya karanta, ya riƙe a ransa. Mai janyewa kuwa zai ce "Allah ya ƙara sauƙi" ya rufe, gobe ba zai sake tayar da zancen ba. Kin ga duka biyun gajeru ne, amma ɗaya yana neman ki ƙara magana, ɗayan ya gama da ke. Ki koma cikin hirarku ta watan nan ki duba: yana tambayarki wani abu da ya shafe ki, ko ke kaɗai kike tambaya yana amsawa? Akwai ranar da shi ya fara sallama?

Sannan ki fita daga wayar gaba ɗaya. Yana zuwa zance yadda ya saba? In bai zo ba yana faɗa tun da wuri ya sa wata rana, ko sai kin gama kwalliya kin shimfiɗa tabarma sannan ki ji shiru? Kuma me ya faru a daidai lokacin da abin ya fara? Amsa min waɗannan tukuna.

Shawarar ɗauke wuta ban goyi bayanta ba. In kasuwa ce ta riƙe shi, kwana ukun za su wuce bai ma lura ba, ke kuma ki yanke masa hukuncin da bai san an yi ba. In kuma ya lura, zai iya ɗauka ke ce kika canza, kowa ya koma gefe yana jiran ɗan uwansa. Abin da Ummi ta yi gaskiya a kai shi ne ki rage jero saƙonni. In ya buɗe ya tarar da guda shida, na ƙarshe yana cewa "ina ganinka online", "To" ɗin za ki sake samu.

Anti Rabi:
Ni nawa haka ya fara, wallahi karanta naki sai da gabana ya faɗi. Abin da na lura da shi daga baya shi ne ya daina ƙorafi. Mutumin da in na ƙi ɗaga waya sai ya yi fushi, ya koma komai na yi sai ya ce ba komai. Ga ladabi, ga "ki yi haƙuri" kullum, amma ba ya cewa yaushe zai kira. Ashe a gidansu an riga an yi masa maganar 'yar ƙanin babansa, ya rasa ta inda zai gaya min. Ban ce naki haka yake ba, Allah ya kiyaye. Ki dai lura ko har yanzu shirunki yana damunsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Abban Sadiq, lambar shagon ce, ita kaɗai gare shi. Anti Maman Ilham na duba. Yana fara sallama wani lokacin da asuba, "Kin tashi lafiya", amma tambaya ta ragu sosai. Zance duk Juma'a yake zuwa, ya zo, sai dai Juma'ar da ta wuce bai zo ba, ya faɗa min tun ranar Alhamis, ya aiko ƙaninsa da turmi ɗaya a ba Umma. Da na tuna kuma, abin ya fara ne bayan da Baba ya ce a gaya masa ya turo magabatansa a sa rana. Ya ce to insha Allah, tun daga nan bai sake tayar da maganar ba.

Maman Ilham:
To ai ga inda maganar take, kin bar ta a ƙarshe. Duba abin da kika lissafa. Yana fara gaishe ki da asuba, lokacin da babu mai saye. Ya faɗi uzurinsa kwana guda kafin ranar, har ya yi wa mahaifiyarki aike. Wanda yake shirin guduwa ba ya ƙara kusantar iyaye, nesa da su yake fara yi. Don haka ban ga alamar so ya ragu ba. Amma kasuwa kaɗai ba ta ishe ni bayani ba, tunda shirun ya zo daidai da maganar sa rana.

Abin da na fi zato shi ne nauyi. Sa rana na nufin kuɗin gaisuwa, sadaki, lefe, ga gidan da za ku zauna, wanda hayarsa ta shekara ake biya gaba ɗaya. Ɗan kasuwa a irin wannan lokaci kuɗinsa duk yana cikin kaya, wani ma kayan bashi ne ya ɗauko daga wurin uban gidansa sai ya sayar ya biya. Namiji da yawa in bai shirya ba ba zai iya buɗe baki ya ce "ba ni da shi yanzu" ba. Sai ya gajarta hira, saboda ya san duk doguwar hira a kan maganar za ta ƙare. Zato ne nake yi, zai iya yiwuwa kuma a gidansu ne ake ja masa, irin na Rabi.

Kada ki yi wannan maganar a rubuce. Ki bari ya zo ranar Juma'a, labarin zuciya a tambayi fuska. Bayan kun gaisa ki ce masa: "Na ga tun da Baba ya yi maganar turowa ka yi sanyi. In lokacin ne bai yi maka ba, ka gaya min wanda zai yi, in san abin da zan faɗa a gida." Daga nan ki yi shiru ki bar shi ya yi magana. In ya ce bayan ƙaramar sallah, ko ya ce yana jiran kawunsa ya dawo, ko ma ya ce kuɗi ne, kin samu abin riƙewa, kuma za ki iya gani ko ya cika in lokacin ya zo. In kuwa ya sake cewa "insha Allah, ki dai yi ta addu'a" ba wata, ba dalili, to ki sanar da Umma yadda kuka yi, manya su tambaye shi da kansu.

Ki kuma roƙe shi lokaci ɗaya tsayayye, ko minti goma ne bayan isha'i a kira, a bar saƙon rana.

Abban Sadiq:
Hajiya Maman Ilham na yarda da ke, sai abu ɗaya. In ya ce bayan sallah, kada a ɗauka kaucewa ce. Daga yanzu har daren sallah ɗan Kwari ba ya iya cire kuɗi daga jari, sai an gama an yi lissafi ya san abin da ya samu. Ni da za a bi tawa ma a ɗaga masa ƙafa da tambayar har kasuwa ta lafa.

Maman Ilham:
A'a Malam, turowar ce za a iya ɗagawa, tambayar ba za ta jira ba. Mahaifinta ya riga ya yi magana, ita ce take kwana a gidan ana kallonta. Ya faɗi watan kawai, ko na bayan babbar sallah ne.

Ummi Zee:
Ni dai har yanzu na dare ne ya tsaya min a rai. Ko nauyin ne, ai ba ya hana mutum ya ce "na gaji, gobe zan kira ki".

Mai tambaya:
Gaskiya ne Ummi, ni ma shi ya fi min ciwo. Zan yi masa maganar ranar Juma'a in ya zo. Anti, in bai zo ba kuma fa, in kira shi in faɗa a waya, ko in jira wata Juma'ar?

Maman Ilham:
Ki kira shi ranar Asabar bayan isha'i. Ki fara tambayarsa ko yana da sukunin magana, in ya ce a'a, shi ya sa lokacin da zai kira.