Maganin mura da barci a kan sitiyari: ina neman shawara

Direban Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ina jan motar fasinja daga Kumasi zuwa Techiman. Hunturun nan ya sa mini mura, kwana uku ke nan ina shan firiton ɗaya da ƙwayar mura ɗaya da dare, da asuba in ƙara ƙwayar mura ɗaya da koko. Jiya bayan na wuce Offinso, sai ihun yaron motata na ji, ashe taya ta sauka daga kwalta. Wallahi ban ji barci ba, kuma na kwana lafiya. Maganin ne ko wani abu? Gobe ina da lodi.

Ɗan Asawase: Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba, yayana. Firiton ne, kowa ya san halinsa. Ka bar na asuba, ka riƙa sha da dare kawai. Da safe ka kora ataya mai kauri, ka jefa goro a baki, shi ke nan.

Mai harhaɗa magani: Ƙanena, Allah ya kiyaye ka da mutanen da ka ɗauko. Shekaruna da yawa a bayan kanta ina ba da magani, kuma ina roƙonka kada ka ɗauki lodin gobe.

Ɗan Asawase ya gano mai laifin, amma sha da dare kawai ba ya fitar da kai. Abin da ke cikin firiton sunansa kulofeniramin, miligiram 4 a ƙwaya. Yawancin ƙwayoyin mura da ake sayarwa a kasuwar Kejetia da shagunan unguwa su ma suna ɗauke da shi, wasu miligiram 2, wasu 4, an haɗa da farasitamol. Ka ga da dare magani ɗaya ka sha sau biyu, kana zaton biyu ne daban. Da asuba kuma ka ɗora. Lissafi mafi sauƙi, miligiram 8 kake zubawa a rana, zai iya kaiwa 12.

Wannan bai wuce ƙa'ida ba ga mai zaman gida. Matsalar ita ce jinkirin fitarsa. Ana cewa a sha bayan awa 4 zuwa 6, shi ya sa mutane ke ɗauka da gari ya waye ya bar jiki. A jikin babban mutum kuwa sai ya yi wajen kwana guda kafin rabinsa ya fita. Na daren Litinin bai gama tafiya ba na Talata ya same shi, na Laraba ya hau kansu. Ranar farko ka je ka dawo lafiya, a rana ta uku ne ya taru ya kama ka, kuma a miƙaƙƙen titi, inda ba cunkoso balle hon ya tashe ka.

Ka ce ba ka ji barci ba, kuma na yarda da kai. Nan ne haɗarin yake. A shekarar 2000 an yi gwaji a Jami'ar Iowa ta Amurka da na'urar kwaikwayon tuƙi. Aka ba mutane miligiram 50 na difenhaidiramin, ɗan'uwan firiton da ke cikin wasu ruwan maganin tari. Tuƙinsu ya fi lalacewa a kan lokacin da aka ba su giya, kuma yadda suke jin barci bai nuna yadda tuƙin ya lalace ba. Ido a buɗe, amma saƙo daga ido zuwa ƙafa ya yi nauyi. Mota mai gudun kilomita 80 tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Idan hankalinka ya ɗauke daƙiƙa uku, ta yi mita 66 ba direba.

Alamominsa su ne bushewar baki, nauyin fatar ido, taka birki a makare, da isa wani gari ba ka tuna yadda ka wuce na baya ba. Ka tambayi yaronka ko tun shekaranjiya ya ga motar tana lilo, shi ya fi ka gani.

Ɗan Asawase: To Hajiya, atayar fa? Ni na sha gwadawa, ido yana buɗewa tar.

Mai harhaɗa magani: Yana buɗewa na ɗan lokaci, ban musa ba. Amma ataya da goro ba sa cire maganin daga jini, kuma ƙarfinsu na sauka tun maganin yana nan daram. Ni ba zan shiga motar da aka dogara da goro ba.

Alhaji na Sabon Zango: Yaran yanzu ku ji tsoron Allah da tiramol ɗin nan. Ku sha don ku yi sawu biyu a rana, ga abin da yake jawowa.

Direban Aboabo: Baba, ban taɓa sa shi a bakina ba. Maganin mura ne kawai.

Alhaji na Sabon Zango: To ka yafe ni, ɗana, ban karanta da kyau ba. Ka bi maganar Hajiya.

Kafinta a Sokoban: Ni nawa ba na mura ba ne. Na rame bayan zazzaɓi, sai aka ba ni shawarar ruwan maganin nan na buɗe ciki, mai sa cin abinci. Ina ɗauka ƙarin jini ne kawai. Kwana biyu da farawa ina tura katako a injin filena, na ga hannuna yana bin katakon, na san ya kamata in janye, amma sai da abokin aikina ya fizge ni. Kan ɗan yatsana na tsakiya ya tafi, har yau ba farce a wurin. Ba wanda ya ce mini yana sa barci.

Mai harhaɗa magani: Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Sifirohebtadin ne a ciki, dangin firiton ne, buɗe cikin ma wani gefen aikinsa ne. Haka furometazin da ake bayarwa don amai ko jirin mota. Duk gida ɗaya ne, kuma idan aka haɗa biyu nauyinsu haɗuwa yake yi.

Direba, ga abin da za ka yi. Daga daren yau ka ajiye firiton da ƙwayar murar. Ka ba wani motar gobe, ka kwana biyu ba maganin kafin ka koma. Ciwon kai da jiki, farasitamol zalla, miligiram 500 guda biyu, kada ya wuce guda takwas a rana. Toshewar hanci, ka yi sirace da ruwan zafi, ka sa ɗigon ruwan gishiri na kemis. Idan atishawar ƙura ce ke damunka, nemi loratadin, miligiram 10 sau ɗaya a rana, da wuya yake sa barci. Sai dai ba zai yi wa murar sanyi wani abin kirki ba, ita sai ta yi kwanakinta. A kemis kuma kalmar farko da za ta fito daga bakinka ita ce, ni direba ne.

Maman 'yan biyu: Hajiya, setirizin fa? An ce mini ba ya sa barci, amma ni da na sha ko keken ɗinki na kasa takawa. Maigidana kuwa yana sha yana jan adaidaitarsa, ba abin da yake ji.

Mai harhaɗa magani: Ya fi firiton sauƙi nesa ba kusa ba, amma ya fi loratadin sa barci, kuma jiki ya bambanta. Wanda zai fara shansa ya gwada ranar da ba ya fita aiki. Shi ma maigidan, cewarsa ba ya jin komai ba ta ishe ni hujja ba.

Direban Aboabo: Na gode ƙwarai. Na kira ƙanena zai ja motar gobe da jibi. Na tambayi yaron, ya ce tun Talata ya ga ina cin layi, kunya ta hana shi faɗa. Abu ɗaya, Hajiya: matata ta ce ina minshari sosai har numfashina yana tsayawa, tun kafin murar. Ko yana da hannu?

Mai harhaɗa magani: Zai iya. Mai irin wannan minsharin yana kwana ne ba tare da ya huta ba, kuma maganin da ke sa barci yana ƙara masa nauyi. Wannan ba na kemis ba ne. Ka je asibiti cikin kwana biyun nan, ka tafi da kwalayen magungunan, ka faɗa wa likita abin da matarka ta gani.