Taƙaitawa: kalma ɗaya, fassara ɗaya

Ga abin da na tattaro daga muhawararmu ta masu fassara a Katsina.

1. An yi ittifaƙi a buɗe jerin kalmomin da kamfani ya amince da su kafin a taɓa takarda. Idan jerin ya ce "asusu", to asusu ne ko'ina, kada shafi na biyu ya koma "akawun". Wata ta ce hakan ya sa aka dawo mata da ƙasidar banki sukutum, don mai karatu zai zaci abubuwa biyu ne.

2. Kan "kai/ke" ko "ku", a bi ƙa'idar kamfanin.

3. An rabu kan kalmar da ba ta zauna ba a kunnen Bakatsine. Wasu sun ce a gyara. Mafi yawa, har da ni, mun ce a bar ta, a rubuta wa kamfanin dalili, a jira amincewarsu.