Manhajojin da muka shiga da Facebook: wa ya taɓa cire su?

Uwar Biyu, Marwa: Assalamu alaikum. Shafin da nake tallar turaren wuta yana fitar da rubutun da ba ni na sa ba. Na duba jerin manhajojin da ke haɗe da asusuna, guda 14, rabinsu ban san su ba. In goge duka?

Mai Gyaran Waya, Garwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ku goge tukuna. Ku fara ware waɗanda kuke amfani da su har yanzu. Duk wurin da aka buɗe asusu da maɓallin Facebook, galibi ba shi da kalmar sirri tasa, Facebook ɗin ne makullinsa. Ku shiga kowace manhaja, ku sa imel ko lambar waya, ku yi mata kalmar sirri, ku fita, ku gwada shiga da sabuwar. In ta buɗe, sannan a cire. Wasannin yara sun fi kawo kuka, don wasu ba su da wata ƙofar sai wannan.

Hanyar a wayar Faransanci: Paramètres et confidentialité, sai Paramètres, sai Applications et sites web. A ta Turanci Apps and websites ne. Wurin yana yawan canjawa, Facebook Lite ma tsarinsa daban, don haka ya fi sauƙi a rubuta wannan a burauza:

```
facebook.com/settings?tab=applications
```

A taɓa manhajar, a danna Supprimer. Idan an nuna akwatin goge abubuwan da ta wallafa da sunanku, ku yi tunani kafin ku sa masa alama, don abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ɗan Kusiri: Yaya, ai wannan wahala ce. Ta canza kalmar sirri kawai, duk za su faɗi. Kuma bayan kwana 90 da kansu suke mutuwa.

Malamar Kwamfuta, Ngaundare: Ƙanena, ka faɗi rabi. Canza kalmar sirri yana kashe shaidar shigar da manhajar ke riƙe da ita a lokacin, amma sunanta yana nan a jerin waɗanda aka amince wa. Ranar da aka sake danna maɓallin, ta koma ciki ba tare da an sake tambayar komai ba. Batun kwana 90 kuma gaskiya ne, Facebook ya kawo shi a 2018 bayan badaƙalar kamfanin Cambridge Analytica da ya kwashi bayanan masu Facebook: manhajar da ba a yi amfani da ita ba tsawon wannan lokaci ba ta ƙara ɗibar bayanan da ba na fili ba. Sai dai izinin gudanar da shafin kasuwanci ba ya bin wannan ƙa'ida.

Hajiya, a nan nake zaton matsalarku take. Abin da ke iya rubutu a shafin kasuwa ba a wancan jerin yake zama ba, yana ƙarƙashin Intégrations professionnelles, wato Business integrations. Ku buɗe kowanne, zai nuna abin da aka ba shi dama da shafin da ya shafa. Wanda aka ba izinin wallafawa kuma ba ku san shi ba, ku cire. Daga nan ku duba mutanen da ke da iko a shafin. In yaron da ya buɗe muku shi yana nan da cikakken iko, kuma ta asusunsa aka haɗa manhajar, ba za ku gan ta a naku jerin ba sam. Sai shi ya cire, ko ku sauke shi daga shafin.

Baban Amira, Injamena: Ni wani shafi ne ya ce zai ba da data kyauta, na sa lambata da kalmar sirri. Na duba jerin, babu shi. Na tsira ke nan?

Mai Gyaran Waya, Garwa: Alhaji, ba ku tsira ba, naku ya fi muni. Shiga ta gaskiya ba ta neman kalmar sirri a shafin wani, zuwa facebook.com take kai mutum. Wancan shafin kalmar ya kwashe, shi ya sa bai fito a jerin ba. Yau ɗin nan ku canza ta, ku fitar da duk na'urorin da ba ku gane ba daga jerin wuraren da asusun yake buɗe, ku kunna tabbatarwa mataki biyu, wato a riƙa neman wata lamba ta musamman bayan kalmar sirri.

Malamar Kwamfuta, Ngaundare: Ƙari ɗaya: cirewa tana hana ɗiba nan gaba ne, sunanku da imel da hoton da suka riga suka ɗauka suna wajensu. Sai an shiga manhajar an rufe asusun can, ko an rubuta musu su goge. Shi ya sa nake ganin a rufe can kafin a cire nan.

Uwar Biyu, Marwa: Na gode Malama. Na sami biyu a ɗaya jerin, na cire. Wasan ɗana fa, in na cire yau na mayar gobe, matakin da ya kai zai dawo?

Ɗan Kusiri: Yana dawowa Hajiya, muddin da asusu ɗaya aka sake shiga.

Mai Gyaran Waya, Garwa: Sau da yawa haka ne, amma ba kowane wasa ba. Facebook yana iya sanar da masu wasan cewa an cire, abin da za su yi da asusun kuma nasu ne. Wane wasa ne, Hajiya? Ku bar shi yadda yake sai mun ji sunan.